Feshin maganin sauro a ɗaki guda: ga yarinya mai rarrafe, ga kyanwa, ga kayan abinci

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Muna haya a Garin Malam, ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a waje. Tunda ruwa ya zauna sauro ya yi mana yawa, maigida ya sayo gwangwanin feshi, kullum bayan isha'i yana fesawa mu zauna waje kaɗan mu koma. Ɗiyata wata goma gare ta, ta fara rarrafe, komai ta samu a ƙasa baki take kai shi. A cikin ɗakin nan kwanukana suke, da randa, da garin kununta, ga kuma kyanwa da ke kwana ƙarƙashin gado. Kwanan nan yarinyar tana tari da dare. Minti nawa ya kamata a jira kafin a shiga da ita? Kuma kwanukan sai na sake wanke su kowace safiya? Kun san yadda ruwa yake a garin nan.

Abba_Zango:
Wa alaikumus salam. Minti goma ya isa, Hajiya. Da wari ya tafi shi ke nan. Mu haka muke yi tun muna yara.

Majo_Rabi:
Malam Abba, wari ba ma'auni ba ne. Akwai feshin da aka zuba wa turare, akwai wanda aka yi shi ba ya da wari sam, kuma duk maganin yana nan cikin iska. Hancin mutum ma da ya ɗan jima a wuri sai ya saba ya daina ji.

Maman Hanifa, kafin a ba ki amsa, gwangwani ne na kamfani mai rubutu a jiki da ake danna kansa, ko piya-piya ce da ake ɗurawa a kwalba? Don maganarsu ba ɗaya ba ce.

Maman_Hanifa:
Gwangwani ne, Yaya Rabi. Amma gaskiya akwai 'yar kwalbar piya-piya da maƙwabciyata ta ba ni saboda kyankyasai, na yayyafa bayan randa da gefen bango sau da dama.

Baba_Malamin_Gona:
Ɗiyata, bari in fara da gwangwanin, piya-piyar kuma zan dawo kanta don ita ce ta fi tayar mini da hankali.

Abin da ke fitowa daga gwangwanin nan ba hayaƙi ba ne da zai tashi ya ɓace. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai, suna yawo cikin iska na ɗan lokaci, sauro mai tashi ya ci karo da su ya faɗi, sannan su sauka. Ina suke sauka? Kan leda, kan tabarma, kan zanin gado, cikin kwanon da aka bari buɗe. Babba yana tafiya da ƙafa, kansa yana sama. Ita kuwa Hanifa da tafin hannu take tafiya, fuskarta dab da ƙasa, hannun kuma baki yake komawa. Ga jikinta ƙarami, abin da babba zai ɗauka bai ji komai ba ita ya yi mata yawa. Shi ya sa lissafin minti kaɗai ba ya warware matsalarki, sai an haɗa da abin da ya sauka a ƙasa.

Kuskuren da na gani a tsarinku shi ne lokacin. Bayan isha'i ba ku da damar buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, don kuna buɗewa sabon sauro zai shigo, sai ku kwana cikin maganin. Ku mayar da feshin bayan la'asar. Sauron da ya kwana ɗakin yana nan da rana, ya laɓe ƙarƙashin gado, bayan tufafin da aka rataya, da kusurwoyi masu duhu. A lokacin za a same shi.

Ga yadda zan yi in ɗakina ne. A fitar da yarinya da kyanwa tukuna, a duba ƙarƙashin gado a tabbata kyanwar ta fita. A fitar da garin kunu, kofinta, cokalinta da kayan wasanta gaba ɗaya. Kwanuka a haɗa su cikin babbar roba a rufe, ko a kai rumfa. Randa a rufe bakinta da faranti, a ɗora zani a kai, moɗa kuma a fitar da ita. A naɗe tabarmar da take rarrafe a kai a fitar, a shimfiɗa tsohon zani kan katifa. A rufe taga. Mai feshin ya fara daga ƙuryar ɗaki yana ja da baya zuwa ƙofa, bakin gwangwanin yana kallon sama da kusurwoyi, ɗan kaɗan kuma ƙarƙashin gado. Ɗaki irin na haya, mita huɗu da huɗu, daƙiƙa biyar zuwa goma ne, ba minti ba. Abin da aka rubuta jikin gwangwanin shi ne gaba da maganata, a duba. Ya ja ƙofa ya fita ya wanke hannu da sabulu.

A bar ɗakin rufe kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Sannan a buɗe ƙofa da taga duka, aƙalla rabin awa, in da wuta a kunna fanka tana kallon ƙofa. A share matattun ƙwarin, a goge leda da tsumma mai ruwan sabulu, a yaye zanin da ke kan katifa. Kafin a kira magariba an gama, a rufe ɗakin a saki labule. In an fara ƙarfe huɗu da rabi, lokacin ya ishe ku.

Maman_Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Baba. Daƙiƙa goma kuwa? Maigida sai ɗakin ya yi fari fat yake dainawa, ya ce in ba haka ba sauron ba ya mutuwa.

Sani_Mai_Shago:
Maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Ni ina sayar da su, masu saye kullum kukansu ke nan, wai maganin yanzu ba shi da ƙarfi. Ka fesa sauro ya faɗi, an jima ya tashi. Shi ya sa mutane suke komawa piya-piya, ga araha ga aiki.

Baba_Malamin_Gona:
Malam Sani, abin da masu sayen suka gani gaskiya ne, amma ba lallai maganin ne aka rage wa ƙarfi ba. Yawancin gwangwanayen nan dangin magani ɗaya ne a cikinsu, za ka ga sunayen a jiki suna ƙarewa da haruffan thrin ko thrine. Dangin nan ne kuma aka daɗe ana sa wa sange, ana kuma fesawa a gonaki, har sauron ƙasashenmu da yawa ya saba da shi. Wanda ya saba, ko ka juye rabin gwangwani ba duka za su mutu ba. Abin da ƙarin yake yi kawai shi ne ya ƙara abin da ke sauka kan ledar da yarinya take rarrafe.

Majo_Rabi:
Na yarda da tsarin Baba, sai dai ni in akwai jariri ko mai asma ko mai ciki awa guda nake cewa a bar ɗakin buɗe, ba rabin awa ba. Ɗakunanmu da yawa taga ɗaya ce 'yar ƙarama can sama, wani ma an toshe ta da kwali saboda ƙura. Irin wannan ɗaki iska ba ta ratsa shi cikin rabin awa.

Batun tarin kuma, ƙanwata, feshin yana iya jawo shi don yana ƙona maƙogwaro da hanyar numfashi, musamman da kuke kwana cikinsa. Amma kar ki ɗora komai a kansa. Damina ce. Ki dakatar da feshin dare ki gani, in kuma akwai zazzaɓi, ko numfashi da sauri, ko ƙirjinta yana lotsawa in ta ja numfashi, ko ta ƙi nono, kar ki jira, ki kai ta gidan likita a ranar.

Hajiya_Birni:
Ni dai abin da ban gane ba, me ya kai feshi kullum? Ba ku da sange? Mu jikokina cikin sange suke kwana, feshi sai in sauro ya yi yawa sosai, a mako sau ɗaya ko ma ba a yi ba. Ki sa ta ciki tun bayan magariba ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kuma in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo kar ki bari su wuce ta, tana cikin waɗanda ake ba, daga wata uku ne zuwa ƙasa da shekara biyar.

Maman_Hanifa:
Muna da shi, Inna, zafi ne ya sa maigida ba ya son shiga. Amma ni da ita za mu koma ciki in sha Allah.

Dan_Mirya:
Tunda ana maganar magani da abinci, ni wake nake son in ajiye bana bayan kaka. Ƙwayar nan da ake sa wa cikin buhu, guda nawa ake sa wa buhu ɗaya? A ɗakin yara nake jera buhunan.

Baba_Malamin_Gona:
Dan_Mirya, tambayarka daban ce da ta Maman Hanifa amma ba zan wuce ta ba. Ƙwayar nan in ta sha danshin iska wata iska mai guba take fitarwa, tana ratsa buhu, tana bin kafar bango da ƙarƙashin ƙofa, kuma ba ta da makari a gidan likita. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ke manne da shi. Ka nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ka busar da waken sosai, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin rashin iska ke kashe su, ba ka buƙatar magani ko kaɗan.

Dan_Mirya:
To Baba, na ji. Zan nemi buhun.

Zainabu_Kanya:
Don Allah a koma kan piya-piyar nan, ni ita ce ta taɓa ni. Ɗan yayata, shekararsa biyu lokacin, ya ɗauki kwalbar da aka ɗura ta a ciki. Irin ƙaramar robar lemo ce, ba rubutu, an ajiye ta bayan ƙofa. Bai ma sha da yawa ba, yawancin a rigarsa ya zube. Kafin a ankara yawu yana zuba kamar an buɗe famfo, gumi ya jiƙa shi, ga amai ga zawo, ƙirjinsa yana ƙara. Allah ya sa akwai mai babur kusa. Ya kwana gidan likita, Allah ya tashi kafaɗunsa. Tun ranar ba ta sake shiga gidanmu ba.

Abba_Zango:
Subhanallah. Irin haka in ta faru a yi maza a ba yaro madara ko man ja, yana kashe dafin. Ko a sa masa yatsa a maƙogwaro ya amayar.

Majo_Rabi:
A'a, Malam Abba, don Allah kar a yi ko ɗaya cikin ukun nan. Na san haka aka saba faɗa, kuma da kyakkyawar niyya ake yi, amma yana ƙara ɓarna. Magungunan nan cikin mai suke narkewa, madara ko man ja ba sa kashe su. Kuma yawanci an haɗa su da kananzir ko wani abu irinsa. In aka tilasta yaro ya yi amai, ko aka ɗura masa abu alhali ya galabaita, abin yana iya faɗawa huhu, wannan kuma wata cutar ce mai tsanani a kan ta farko.

Abin da za a yi: a fitar da shi iska, a tuɓe masa rigar da ta jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu don maganin yana shiga ta fata. Mai wankewar ya sa leda a hannu. In ya shiga ido a dinga zuba ruwa mai tsabta kamar minti goma sha biyar. In ya suma a kwantar da shi ta gefe don kar yawu ko amai su shaƙe shi. A tafi gidan likita nan take, a riƙe kwalbar a ɗaure cikin leda a nuna mana.

Alamomin da Zainabu ta faɗa su ne na wannan maganin: yawu, gumi, hawaye, amai, zawo, majina cike da ƙirji, naman jiki yana motsi shi kaɗai, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗan mitsitsi. Akwai allurar da muke yi, atirofin, tana aiki sosai in an zo da wuri. Jinkirin da ake yi a gida ana gwada madara shi ne yake cutar da yaran.

Abba_Zango:
Na gode, Majo. Wallahi haka muka taso muka ji.

Baba_Malamin_Gona:
To ɗiyata Maman Hanifa, ga maganar da na ce zan dawo kanta. Abin da ke cikin piya-piya yawanci shi ne wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa ta asali. Maganin gona ne da na rumbu. In ka ga an rubuta 1000 EC, ma'anarsa giram dubu na maganin cikin lita ɗaya, wato kusan tsantsarsa ce, manomi ma sai ya tsarma ɗan kaɗan cikin ruwa mai yawa yake fesawa, a fili, da hanci a rufe. Ita ce ake ɗiba a ɗura a ƙananan kwalabe, wani ya ƙara kananzir wani ya ƙara ruwa, babu wanda zai gaya miki ƙarfin wadda ke hannunki.

Bambancinta da gwangwani shi ne tana tashi ta zama tururi. Abin da kika yayyafa bayan randa ba ya tsayawa bayan randa, yana ta tashi cikin ɗakin a hankali, dare da rana, musamman in an rufe ƙofa ga zafi. Aikinta a jikin kyankyaso shi ne ta hana jijiyoyi hutawa, kuma aikin nan ɗaya take yi a jikin mutum da kyanwa. Babu adadin minti da zan ba ki na jira a kanta. Ba ta ɗakin kwana ba ce.

Ki fitar da kwalbar yau. Kar ki juye ta a kwata ko tsakar gida inda kaji da awaki ke sha, kar kuma ki wanke kwalbar ki sa wani abu. Ki ɗaure ta cikin leda ki ba wanda ke da gona ko ma'aikatan aikin gona na kusa da ku. Wurin da kika yayyafa ki wanke da ruwan omo, hannunki cikin leda, ƙofa da taga a buɗe, yarinya tana waje. Randar ƙasa ce ko ta roba?

Maman_Hanifa:
Ta ƙasa ce, Baba. Ban zuba a jikinta ba, amma dab da gindinta ne. Innalillahi, ban san haka abin yake ba.

Baba_Malamin_Gona:
Ki zubar da ruwan da ke ciki, ki fitar da ita ki wanke ciki da waje ta sha iska. In kina zaton ya taɓa jikinta, ni sai in ce ki daina shan ruwanta, don randar ƙasa tana tsotsar abu. Ruwan kuma ki wanke bayan gida da shi, kar ki ba dabba.

Hajiya_Birni:
Malam, randa guda a yar saboda zato? Ai wankewa da shanyawa a rana ya isa a ganina. Talaka ne fa.

Baba_Malamin_Gona:
Hajiya, in bai taɓa ta ba wankewar ta isa. In ya jiƙa gindinta, ni dai ba zan ba jikata ruwan ba. Ita ta san yadda ta yayyafa, ita za ta yanke.

Sani_Mai_Shago:
A Najeriya ma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da irin maganin piya-piyar nan a kasuwanni da manyan kantuna tun 2019, amma har yanzu yana shigowa. Ni gaskiya in ban ajiye ba na kusa da ni zai ajiye. Amma daga yau mai jariri in ta zo zan gaya mata. Baba, gwangwanin kuma yaya mutum zai gane na kirki?

Baba_Malamin_Gona:
Ka duba ko an rubuta sunan maganin da ke ciki da yawansa, da ranar ƙarewa, da yadda ake amfani. Ƙasashenmu na Sahel da ke cikin ƙungiyar CILSS suna da kwamiti ɗaya mai tantance magungunan ƙwari, CSP, wanda ya bi ta hannunsu yana ɗauke da lambarsu. Wanda babu komai jikinsa sai hoton sauro, ka bar shi.

Likitan_Dabbobi_Tanut:
An yi maganar yarinya, bari in ce wani abu kan kyanwar. Dangin maganin gwangwani da Baba ya ambata, musamman farmetirin, kare da mutum hantarsu tana sarrafa shi ta fitar, amma hantar kyanwa ba ta iya wannan aikin da kyau, sai ya taru. Ga ta kuma da lasar jiki, duk abin da ya sauka kan gashinta ko ta taka cikinta yake ƙarewa. Feshin iska da aka yi daidai, aka fitar da ita, aka bari ƙasa ta bushe aka goge, da wuya ya yi mata illa. Waɗanda ake kawo mana a galabaice yawanci an barbaɗa musu hodar ƙwari ne saboda ƙuma, ko an ɗiga musu maganin kaska na kare, ko an rufe su cikin ɗakin ba a sani ba. Ƙarƙashin gadon da take kwana shi ne kuma wurin da aka fi fesawa, ki lura da wannan. Tsumman da take kwanciya a kai da kwanon ruwanta a fitar da su.

Alamar: kunne da fatar baya suna karkarwa, yawu, tafiya tana tangaɗi, daga baya jijjiga. A wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke kwanuka, a goge ta ta bushe, a kawo ta. Ita ma ba a ɗura mata madara.

Ali_Tantabara:
Likita, tantabaru fa? Ɗakinsu yana jikin tagar ɗakina. Na taɓa fesawa na buɗe taga, da safe na tarar da 'ya'yan biyu sun mutu. Ban sani ba ko feshin ne ko wani abu.

Likitan_Dabbobi_Tanut:
Ba zan iya yanke maka ba tunda ban gan su ba, 'ya'yan tantabara abubuwa da yawa na kashe su a damina. Amma tsuntsu numfashinsa ba ya jure feshi ko hayaƙi, saboda haka iskar ɗakin kar ta fita ta kansu. Ka buɗe ƙofa maimakon tagar, ko ka matsar da su. Matattun kyankyasai a share a jefa masai kafin kaji su tsince. Mai kiwon kifi kuma ya fi kowa hattara, ɗan abin da ya faɗa ruwa yana kashe su.

Maman_Hanifa:
Har yanzu batun kwanukan nake son in fahimta. Waɗanda aka riga aka fesa suna buɗe fa? Ɗauraya ta isa?

Majo_Rabi:
Ɗauraya da ruwa zalla ba ta fitar da shi sosai, don ba ya narkewa a ruwa, sai da sabulu ko omo sannan ki ɗauraye. Na ƙarfe da tangaran da gilashi suna fita tas. Muciya, ludayin duma, ƙwarya, faifai, turmi da allon yanka su ne masu wuya don suna tsotsa, su kam kar a bari feshi ya same su tun farko. Game da ruwa, rufewar ita ce tattalin. In kin haɗa su cikin roba kin rufe kafin a fesa, ba ki da sake wanki sai dai ki goge murfin robar.

Abincin da aka bari buɗe, fura, kunu, miya, nono, a zubar. Mai maiƙo irin kilishi da ƙuli-ƙuli ya fi kama maganin. Tafasawa ko ɗumame ba abin dogaro ba ne. Lemo ko kankana da ba a yanka ba a wanke da kyau a ɓare.

Hadiza_Mai_Alkaki:
Ni matsalata ke nan, sana'a nake yi, zuma da sukari suna jawo kiyashi da kyankyasai kan teburin da nake aiki. Da dare nakan fesa kan teburin, da safe in goge. Ba daidai ba ne?

Baba_Malamin_Gona:
Hajiya Hadiza, saman teburin ba a fesa shi, balle in na katako ne. Ƙwarin ma ba nan suke zaune ba, ci suke zuwa yi. Ki wanke saman da ruwan sabulu bayan aiki, ki janye teburin daga jikin bango, ki sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen da kika zuba ruwa da ɗan omo, kiyashi ba zai haye ba. In za ki fesa, ki bi su inda suke fitowa, tsagar bango da gindin ƙofa da bakin kwata, bayan kin kwashe kayan aikin. Ki liƙe tsagar da siminti daga baya. Kuma wuta a kashe, ko gas ko gawayi, don iskar da ke tura maganin daga gwangwanin irin ta gas ɗin girki ce, tana kamawa.

Hadiza_Mai_Alkaki:
Gwangwanayen ruwan ba za su tara sauro ba?

Baba_Malamin_Gona:
Ki dinga canja ruwan duk bayan kwana biyu ko uku. In kina da ƙaramin yaro a wurin kuma ki sa ido, kar ya sha.

Ali_Tantabara:
Wani abu kuma, gwangwanin in ya ƙare yara suna ɗauka su huda su yi mota da shi, wasu su jefa cikin wutar bola don su ji ƙara. A unguwarmu na sha gani. Kar a ba su. Kuma kar a bar shi a rana ko cikin mota, zafin watan huɗu da na biyar a garin nan ba wasa ba ne.

Hajiya_Birni:
Na hayaƙin nan da ake kunnawa fa? Ni shi na fi tsoro ga jarirai, don shi har asuba yake ci a ɗaki rufe.

Majo_Rabi:
Inna, a rumfa ko tsakar gida lokacin hira ba laifi, nesa da hannun yara. A ɗaki rufe kan jariri ban yarda da shi ba, balle mai tari.

Maman_Hanifa:
Na fitar da kwalbar, na wanke wurin, randar tana waje tukuna ban yanke ba. Yau mun gwada na la'asar. Matsala ɗaya, maigida ba ya dawowa sai bayan magariba, ni na fesa, ga goyo. Na ba maƙwabciya ita ta riƙe, amma ba kullum zan samu ba. Kuma da na buɗe ƙofa awa guda ƙudaje suka cika ɗakin.

Majo_Rabi:
Kar ki taɓa fesawa da ita a bayanki. Ranar da ba mai riƙe ta a haƙura, sange ya wadatar. Ki kuma canja riga ki wanke hannu kafin ki ba ta nono.

Abba_Zango:
A sa raga a taga, da ƙofar raga. Kafinta zai yi miki. Sai dai gidan haya ne, ban san ko mai gidan zai yarda ba.

Zainabu_Kanya:
Tsohon sange ma in kin yanka kin kafa da ƙusa a taga yana aiki, mu shi muka sa, a ƙofa kuma muka rataya shi kamar labule. Tarin yarinyar fa, ya sauka?

Maman_Hanifa:
Daren jiya da sauƙi, amma da safe na ji jikinta da ɗumi. Gobe zan kai ta a yi mata gwajin zazzaɓi.

Majo_Rabi:
Ba gobe ba, ƙanwata. In da ɗumi ki kai ta yau, kuma ki gaya musu batun piya-piyar da aka yayyafa a ɗakin.